A Bakin Ƙofa Ne, Ko Can Ciki?

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Delu ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta: sai ta ga an yanke wa ƙanwarta Barira gishiri.

Delu irin matan nan ce da ba sa ganin abu ya karkace su wuce. A unguwar Shamaki take zaune da mijinta Rabe tela, tana soya ƙuli-ƙuli tana matse mai, kuma duk layin an san ba a haihuwa ko biki ko faɗan miji da mata ba ta sa baki ba. Iyayensu daga ƙasar Katsina fatauci ya kawo su Gombe, a nan suka rasu, don haka ita ce uwa ita ce uba ga Barira. Tana son yarinyar ƙwarai, amma irin son da ba ya barin mutum ya ƙarasa magana.

Barira kuwa tana auren Shu'aibu direba, mai ɗaukar dilolin auduga zuwa kudu ya dawo da siminti. Gidansu bayan masallacin unguwa ne, tare da mahaifiyarsa da kowa ke kira Iya. 'Yarsu ɗaya, an yaye ta tuni. Da damina Barira ta yi ɓari, ta sha ruwan zafi da kunun kanwa, aka ce ta warware. Amma har aka fara kai auduga kasuwa ba ta mayar da jikinta ba. Ta rame, ba ta son tsayuwa a bakin turmi, in kuma ta ji ƙarar motar mijinta a ƙofar gida sai fuskarta ta canza.

Delu ta tsare ta a ɗaki wata ranar Laraba, ta ce ba za ta fita ba sai ta ji abin da ke damunta. Barira ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ce, idonta a ƙasa, "Adda, in ya zo wurina zafi nake ji. Har ina..."

"Gishiri ne," in ji Delu. "Kar ki ƙara wahalar da bakinki."

Ta san gishiri ne domin ita ma ta yi shi. A haihuwarta ta biyu ta ƙaru, gabanta ya yage, Rabe kuma ba mutum ne mai haƙurin jiran yaye ba, duk lokacin da ya kusance ta sai ta ji kamar an zuba mata barkono. Aka kira wanzami ya sa aska ya tsaga gabanta daga ciki, jini ya zuba, aka ce ciwon ya bi jinin. Ta yi watanni tana jinya, da ta tashi kuma zafin ya ragu. Tun daga ranar ba wanda ya isa ya zagi aska a gabanta.

Daga nan magana ta fara tafiya irin yadda take tafiya a gidajen mutunci, kowane baki ya rage mata nauyi kafin ya miƙa ta gaba. Delu ta durƙusa gaban Iya ta ce yarinyar nan ba ta jin daɗin ɗaki. Iya ta kira ɗanta ta ce matarsa na da gishiri. Shu'aibu, wanda ya yi watanni yana zaton ƙinsa aka fara yi, ya ji sanyi a ransa, ya ce a yi duk abin da ya dace, ya hau motarsa ya nufi Fatakwal. Kafin maganar ta isa kunnen Bawa wanzami kalma ɗaya ta rage a cikinta, shi kuwa kalmar kawai yake bukata.

Bawa ya zo da zabirarsa da hantsi. Dattijo ne mai tsabta, shi ya yi wa rabin mazan Shamaki kaciya, kuma yana da ƙa'idarsa ta aiki da ba ya karyawa don kowa. Da aka fito da Barira ya kama tsintsiyar hannunta, ya saki, ya mayar da zabira hammata. Ya ce jikinta da zafi, shi kuma ba ya sa aska a jiki mai zazzaɓi, jini ba ya tsayawa. A sauke zazzaɓin tukuna, zai dawo bayan Juma'a. Delu ta yi magiya, ya ce ko uwarsa ce ta dawo duniya ba zai yi ba.

Haka aka yi Delu ta ja ƙanwarta zuwa asibiti, ba don neman maganin ciwon ba, don a yi mata allura ɗaya mai ƙarfi ta kori zazzaɓi wanzami ya samu hanya. A ganin Delu amfanin asibiti ke nan: allura da ɗinki. Ciwon mata kuwa ba su san shi ba.

Suka yi zaman benci har rana ta take, cikin kukan yara da warin maganin goge ƙasa. Da layi ya zo kansu suka tarar da Sista Theodora, ungozomar ɓangaren mata. 'Yar wani kafinta ce daga gabas, a Gombe aka haife ta, yaƙin basasa ya kore su, da aka gama ta dawo da takardar aikinta. Hausarta ta 'yan gari ce, har da saurin bakinsu. Ta dubi Barira ta tambayi yaushe zazzaɓin ya fara, Delu ta amsa. Ta tambayi ko tana cin abinci, Delu ta amsa. Ta tambayi ko marar tana ciwo, Delu ta buɗe baki.

"Adda, ke ce marar lafiyar?" in ji Sista.

Delu ta ce a'a, amma sauri suke yi, a taimaka a yi allurar, wanzami na jira. Sista ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tambayi me wanzami zai yi, aka gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya ba Delu haushi ke nan, domin ta zo da shirin rama faɗa. Sai kawai ta jawo kujera ta zauna gwiwa da gwiwa da Barira. Ta so ta fitar da Delu waje, amma Barira ta riƙe zanen yayarta gam, sai ta bar ta da sharaɗin ta yi shiru.

"Barira, zafin nan da kike ji in maigidanki ya kusance ki, a ina yake? A bakin ƙofa ne, tun yana shirin shiga, ko kuwa can ciki, bayan ya shiga?"

Delu ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. A ranta ta ce wannan wace irin tambaya ce, zafi ai zafi ne. Barira kuwa ta ɗago kai, karo na farko tun safe.

"Can ciki," ta ce. "Bakin ba ya min komai. Sai ya kai ciki nake jin kamar an soke ni a mara. Bayan ya tashi ma ba ya daina ciwo, har washegari."

Da ta samu mai saurare sai magana ta ɓalle. Ta ce tun bayan ɓarin ne. Ta ce akwai ruwa mai wari da ke fita, tana wanke zannuwanta a ɓoye. Zazzaɓin yana zuwa yana tafiya, in ta taka da ƙarfi ko ta hau mota mai girgiza marar tana amsawa. Sista ta tambayi ko ta yi ɓatan wata, ta ce a'a, wancan makon ta yi wanka. Ta tambayi ko zafin yana tsananta ne da zuwan al'ada tun tana budurwa, ta ce a'a, sabon abu ne. Delu na zaune tana jin duk wannan kamar labarin wata baƙuwa. Ita da ta goya Barira a bayanta, ko ɗaya ba ta sani ba, kuma ta san dalili: ba ta bari an gaya mata ba.

Aka ja labule. Sista ta wanke hannu ta sa safar hannu, tana gaya wa Barira duk abin da za ta yi kafin ta yi. Ta taɓa bakin ta tambayi ko da zafi, Barira ta ce babu. Ta duba, ba tabo, ba kumburi, ba abin da ya toshe. Da ta kai yatsu ciki ta motsa bakin mahaifa, ɗaya hannun yana danna mara, Barira ta yi ƙara ta damƙe ƙarfen gado. Aka kira likita, wani Ba'indiye mai ƙaramar murya, ya duba ya faɗi abin da Sista ta riga ta zata.

Sista ce ta mayar musu da bayanin a Hausa, tana kallon Delu fiye da Barira. Ta ce zafin kwanciya iri biyu ne, kuma kowanne inda yake nuna daban. In a bakin ne, galibi laifin yana nan kusa: bushewa irin ta mai shayarwa ko wadda jini ya ɗauke wa, ko ƙaiƙayi da kumburin fata, ko tabon ƙari na haihuwa, ko tsoro da ke sa naman wurin ya ɗaure da kansa. In kuwa can ciki ne, to abin da ake taɓowa ne ke da ciwo, mahaifa ko abin da ke gefenta. Wani lokaci tsiro ne ya fito a mahaifa, wani lokaci ƙullutu ne a ma'ajiyar ƙwai, wani lokaci ciki ne ya zauna ba a wurinsa ba, shi ya sa ta tambayi ɓatan wata. Na Barira ƙwayoyin cuta ne suka hau sama suka kama mahaifa da hanyoyin da ƙwai ke bi. Suna iya shiga bayan ɓari, suna iya zuwa ta wurin miji ko da shi bai ji komai ba, don haka shi ma sai an yi masa magani. In aka bar ciwon yana iya toshe hanyoyin, haihuwa ta tsaya.

"To ina aska za ta kai a nan?" ta ce. "Ciwon yana can sama. In an yanke ta, ciwon na nan, an ƙara mata rauni a inda take lafiya. Kuma mafitsara tana jingine da wurin da ake tsagawa. Akwai mata a ɗakin baya da fitsari ba ya tsaya musu, wasunsu daga aska ne."

Delu ba ta saba a kayar da ita a magana ba. Ta gyara zama ta ce ai ita shaida ce, an yanke ta ta warke. Sista ta juyo gaba ɗaya ta yi mata tambayar da ta yi wa ƙanwarta. Delu ta so ta ƙi amsawa, amma ita ta kawo kanta. Ta ce a bakin ne. Tana shayarwa a lokacin? Tana yi. Ta ƙaru a haihuwar? Ta ƙaru. Bayan yankan fa, yaushe maigidan ya koma mata? Delu ta yi lissafi a ranta, ta ga sai bayan ta yaye yaron, domin jinyar ta daɗe. Sista ta ce to ga shi, ƙarin ya samu hutu ya warke, nono ya tsaya jiki ya dawo da laiminsa, da an ba ta wannan hutun ba aska ma da haka za ta warke. Ta kuma tambayi ko wurin yankan yana damunta har yanzu. Delu ta ce ba ta zo asibiti don kanta ba. Yana damunta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Aka fara yi wa Barira allurai, aka ba ta ƙwayoyi masu kwanso, aka ce ta riƙa zuwa kullum har a gama ko da ta ji sauƙi, kuma ita da mijinta su haƙura da juna sai an sallame su duka biyun. Maganar Shu'aibu ba ta dami Delu ba, Rabe zai tare shi in ya dawo, maza sun san yadda suke gaya wa juna irin wannan. Iya ce matsalar.

Delu ta yi wauta a nan, ta kuma san ta yi. Da suka koma gida ta ce wa Iya an yi allurar zazzaɓi, za a riƙa komawa, ta yi shiru da sauran. Ita da ta kawo maganar gishiri da bakinta, ta rantse ta maya, da wane ido za ta ce ta janye? Ta riƙa cewa gobe za ta faɗa. Allurai kuwa suka yi aikinsu, zazzaɓi ya sauka, Barira ta fara cin tuwo. Iya ta ga haka ta ce alhamdu lillahi, ta aika wa Bawa cewa jiki ya yi sanyi, ya zo ranar Asabar da safe. Barira ba za ta iya buɗe baki gaban surukarta ba ko za a yanka ta, kuma yanka ta ɗin za a yi.

Ranar Asabar Delu ta bar gyaɗa a kan wuta ta tafi. Ta tarar an riga an ɗora ruwan bagaruwa, an shimfiɗa tsohuwar tabarma a bayan ɗaki. Iya na zaune a inuwar rumfa tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin ƙoƙo. Barira na cikin ɗaki ba motsi. Delu ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi ƙafa, har gaisuwa ta ƙare ba sauran inda za ta ɓuya. Sannan ta zayyana duk abin da aka faɗa a asibiti, ba ta rage ba.

Iya ta saurara ba ta tsayar da mazari ba. Ta ce mutanen asibiti sun iya zazzaɓi, an gode musu, amma gishiri ya girme su. Ta ce an riga an yi wa wanzami magana, dattijo ne, ba a mayar da shi yaro. Ta tuna wa Delu cewa ita ta zo har nan ta durƙusa ta kawo maganar. A ƙarshe ta ce ba abin da za a yi wa Barira da ba a yi mata ba ita kanta, ga ta nan da ranta.

A daidai nan sallamar Bawa ta taso daga zaure. Iya ta amsa ta ce ya ɗan jira.

Hujjojin Delu sun ƙare, abu ɗaya ya rage mata, kuma abu ne da 'yar mutunci ba ta tambayar sa'ar uwarta, balle surukar ƙanwarta. Ta sunkuyar da kai.

"Iya, ki yafe min rashin kunya. Naki da aka yanke, a ina zafin yake? A bakin ƙofa ne, ko can ciki?"

Mazari ya tsaya. Delu ta jira zagi, ta ma shirya karɓarsa. Iya ta dube ta, ta dubi zaren da ke hannunta. A zaure Bawa ya yi gyaran murya.

"Can ciki," in ji Iya. Muryarta ba ta canza ba, kamar mai faɗin farashin gero. "Bayan wani ɓari da na yi, Shu'aibu yana tatata. Sau biyu aka yanke ni. Da na farko bai yi ba aka ce askar ba ta shiga sosai ba." Ta naɗe zaren a jikin mazari. "Bai daina ba. Ni na daina faɗa. Ban kuma sake haihuwa ba."

Delu ta ɗago ta dubi Iya. Tausayin tsohuwar ya kama ta, da kunyar kanta, har idonta ya ciko.

Iya ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ja mayafinta ta nufi zaure. Delu na jin ta tana ba Bawa haƙuri, tana cewa an fasa, laifin nata ne ba na kowa ba. Bawa ya yi 'yar mita, ya ce shi dai ya san gishiri ba ya jin allura, ya yi sallama ya tafi.

Da ta dawo ba ta koma rumfa ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Barira, ɗakin da ba ta taɓa wuce dokin ƙofarsa ba tun da aka kawo amarya, ta cire takalmi ta shiga. Delu ta bi ta ta tsaya a bakin labule. Barira ta zabura za ta sauko ƙasa ta durƙusa, Iya ta ce ta zauna. Ta zauna kusa da ita a bakin gado.

"Nuna min inda yake."

Barira ta dubi yayarta, Delu ta gyaɗa kai. Barira ta kamo hannun surukarta a hankali ta ɗora a ƙasan cibiyarta, ta ɗan gangara da shi gefen hagu. Iya ta bar hannun a wurin.

"Nan ne," in ji Iya. "Nan ne ɗin."